Wasiƙar ɗalibina: masana'anta ko mastas?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗalibina na ajin ƙarshe a sashen Kimiyyar Sinadarai ya aiko min da wasiƙa, yau kwana huɗu na kasa ba shi amsa. Na nemi izininsa in kawo ta nan ba tare da sunansa ba, ya amince. Ga ta:

"Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya aiki, ya iyali? Na zo ofis sau biyu, da na ga mutane sai na kasa buɗe baki, shi ya sa na rubuto. Malam ya san na yi SIWES na wata shida a wata masana'antar man gyaɗa da waken suya a Sharaɗa. Manajan ɗakin gwaje-gwajensu ya kira ni makon jiya, ya ce ɗaya daga cikin yaransa zai tafi, in ina so in zo da zarar na ajiye biro. Ya ce za a fara ba ni naira dubu 130 a wata. Ni kuma tun ranar da Malam ya ce min a aji uku ina da kan bincike, burina in yi mastas in koyar. CGPA ɗina 3.42, saura zango ɗaya. Shekarata 26. Mahaifinmu malamin firamare ne da ya yi ritaya, fansho wata ya zo wata bai zo ba, ni ne babba, ƙanne biyar a bayana. Baba ya ce duk abin da Malam ya ce shi za a yi. Ina tsoron in na fara karɓar albashi ba zan ƙara komawa aji ba, ina kuma jin kunyar in ƙara shekara biyu ina miƙa hannu a gida. Malam ya ba ni shawara kamar yadda zai ba ɗan cikinsa."

To kun ji. Abin da ya ɗaure ni, ni ne na faɗi waccan maganar a aji uku, kuma gaskiya ina son yaron ya dawo hannuna. Shi ya sa ban yarda da shawarar kaina ba.

Alhaji Baffa:
Wa alaikumus salam. Haba Malam, wannan ai ba abin shawara ba ne. Yaro ya kai ajin ƙarshe, saura ƙiris, sai a ce ya bar makaranta saboda dubu 130? Wallahi kar ya kuskura. Ya yi haƙuri ya ƙarasa, aiki ba ya ƙarewa a duniya.

Ɗanlami:
Baffa, a sake dubawa. Ba barin makaranta zai yi ba, bayan ya gama ake magana.

Alhaji Baffa:
Au, to madalla. Tabarau na bari a mota. Ku ci gaba.

Na Gwarzo:
Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ya kama aiki kawai. Masu mastas nawa ne ke koyarwa a makarantun kuɗi a kan dubu 40?

Anti Rabi:
Kafin a fara rabuwa gida biyu, ni dai ina ganin yaron ya tsallake wani abu, kuma Malam ma bai ambata ba. Ina bautar ƙasa? Shekarata goma sha ɗaya a ofishin karatun gaba da digiri, kuma abu na farko da muke dubawa a fayil bayan sakamako shi ne takardar kammala NYSC ko ta ɗauke wa mutum ita. Babu ita, fayil ba ya motsi. Shi kuwa shekararsa 26, bai kai 30 ɗin da ake ɗauke wa mutum ba, don haka dole ya je.

Ku lissafa da ni. Ya gama jarrabawa, a jira majalisar jami'a ta amince da sakamako, a tura sunaye, a kira shi sansani. In an yi sa'a wata huɗu zuwa shida, in ba a yi ba ya fi haka. Sai shekara guda ta hidima. Sannan ya jira a fara sayar da fom. Wato ko da kuɗin mastas na cikin aljihunsa yau, ba zai zauna a aji ba sai nan da kusan shekara biyu. Saboda haka zaɓin da ke gabansa yanzu ba "aiki ko mastas" ba ne. Abin tambaya shi ne me zai yi da wannan tayin alhali bautar ƙasa na tsaye a tsakiya.

Malam Sabo:
Gaskiya ne Anti. Na san da wannan, amma hankalina ya tafi kan ɓangaren da ya shafe ni.

Na Gwarzo:
To ya share bautar ƙasar mana. Kamfani mai zaman kansa ne, wa zai tambaye shi? Ni na san mutane da yawa da ba su je ba, suna nan suna cin abincinsu.

Anti Rabi:
Suna cin abincinsu har ranar da za su nemi aikin gwamnati, ko mastas ɗin, ko babban kamfani. Dokar ta ɗora wa kowane mai ɗaukar aiki ya nemi takardar, ko da wasu na kau da kai. Kuma shekarun da mutum yake da su ranar da ya kammala digiri ake dubawa, ba wai ya ɓuya har ya haura 30 ya zo ya ce a ɗauke masa ba. Ka manta a 2018 har ministar kuɗi ta ajiye muƙami a kan batun wannan takardar?

Ɗan Sharaɗa:
Bari in sa baki, don ni irin wannan aikin nake yi shekara tara ke nan, ba a kamfanin da yake magana ba dai. Abu na farko, Malam, tambayi yaron: wa ya ce dubu 130? In manajan lab ne ya faɗa a waya, to har yanzu babu aiki, romon baka ne. Manajan lab ba shi ke sa hannu a albashi ba. Ni da kaina an taɓa yi min haka, aka ce wani adadi, da na zo sai na tarar sunana na hannun wani ɗan kwangila da ke kawo wa kamfanin ma'aikata, kuɗin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba fansho, ba hutu. Wata bakwai na yi a haka.

Ya nemi takarda. A cikinta ya duba shin ma'aikacin kamfanin ne ko na ɗan kwangila. Ya duba kuɗin nan kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. In da gaske ne, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga nasa, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa. Wurin da aka ce maka "mu ba ma yin wannan", ka san inda ka shigo. Sai kuma lokutan aiki. Injin tatsar mai ba ya barci, galibi karɓa-karɓa ake yi, wasu awa takwas sau uku, wasu awa goma sha biyu sau biyu. Wannan ya shafi maganar karatu kai tsaye, zan dawo kanta.

Ɗanlami:
Wai me ake yi ne a lab ɗin? Ni a zatona wanke kwalabe ne kawai.

Ɗan Sharaɗa:
Akwai wankin kwalabe, ba ƙarya. Amma ga yadda rana take. Mota ta shigo da gyaɗa ko waken suya, kai za ka hau ka soka buhuna ka ɗebi samfur, ka auna danshi, ka duba tsakuwa da ruɓaɓɓe, kuma abin da ka rubuta shi ke sa a karɓi kayan ko a rage kuɗi ko a mayar. A nan ake fara gwada yaro, don dillali zai biyo ka bayan mota da ɗan abin goro. Sai man da ke fitowa, duk bayan 'yan awoyi ka ɗiba ka auna yawan asid ɗin da ke cikinsa, kana ɗiga sinadari har ruwan ya juya ya yi ruwan hoda. In adadin ya hau, ka je ka tsayar da mai kula da injin tacewa, mutumin da a shekaru ya haife ka. Ka duba ko man ya fara lalacewa, ka tabbatar an sa bitamin A kamar yadda doka ta ce, don ranar da NAFDAC ko SON suka zo littafinka za su buɗe.

Gaskiyar magana, cikin shekara ɗaya da rabi ka iya duka. Bayan nan maimaici ne. Amma wannan shekara ɗaya da rabin tana koya wa mutum abin da jami'a ba ta koya masa ba, wato sakamakon da in ka yi kuskure a kansa wani zai yi asarar tirela guda.

Baban Ummi:
Ni ina ganin ana raina karatu a nan. Yaron da malaminsa ya ce yana da kai, a tura shi auna danshin gyaɗa? Ya nemi mastas, TETFund na nan tana ɗaukar nauyi, a da har waje suna turawa. Ƙanin matata da ita ya yi.

Malam Sabo:
Baban Ummi, ƙanin matarka ma'aikacin wata makaranta ne lokacin, ko?

Baban Ummi:
E, yana koyarwa a kwalejin ilimi.

Malam Sabo:
To shi ya sa. Kuɗin karatun TETFund na malaman da suke aiki a manyan makarantun gwamnati ne, makarantarsu ce ke miƙa sunansu. Wanda ya gama digiri yana gida ba shi da ƙofar shiga. Sai ya fara samun aikin koyarwar, kuma a nan gizo ke saƙar. Wanda ake ɗauka a matsayin mataimakin malami da digirin farko, mai daraja ta ɗaya ne ko aƙalla 2:1, shi ma sai in an ba da gurbi. A sashenmu an daɗe ba a ɗauki ko mutum ɗaya ba. Ba zan iya yi wa yaron alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Anti Rabi:
Yauwa, tunda an zo kan 2:1. Malam, shi 3.42 ɗin nan 2:2 ne fa, sai ya kai 3.50. Zai iya ciko ta a zango ɗaya? Don a ganina wannan ya fi duk abin da muke ta faɗa gaggawa.

Malam Sabo:
Na zauna na lissafa jiya da dare. Zuwa yanzu ya ɗauki yunit 130, jimillar makinsa 445. Zangon ƙarshe yunit 18 ne: furojet 6, sai kwas shida masu yunit bibbiyu. Jimilla zai tashi da yunit 148, kuma 3.50 sau 148 shi ne 518. Wato yana neman maki 73 daga cikin 90 da suka rage, tunda A maki 5 ne a kowane yunit, B 4, C 3.

Ga inda abin yake da ban tsoro. In ya ci B a komai, furojet da kwasa-kwasan duka, maki 72 ke nan, ya tashi da 517, CGPA 3.49. Maki ɗaya tak zai hana shi. Amma in ya samu A a furojet, wannan 30 ne kai tsaye, saura 43 daga kwas shida. B huɗu da C biyu sun ba shi 44, ya haye da 3.51. Kun ga ashe furojet ɗin ne ke riƙe da shi. Kuma tun da aka yi masa wannan wayar ya rage zuwa lab, babi na uku ma bai kawo min gyara ba.

Ɗanlami:
To Malam ai kai ne sufabaizansa, A ɗin na aljihunka. 😄

Malam Sabo:
Ɗanlami ka ji tsoron Allah. Akwai kare furojet a gaban malamai, akwai mai dubawa daga waje. Ko babu su ma ba zan yi ba.

Maman Walid:
Ni bari in ba ku nawa labarin, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Na shiga mastas a 2019, takardar shiga ta ce zango huɗu. Muna gama kwasa-kwasai korona ta zo, ASUU ta tafi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020. Aka dawo, na fara aikin lab, sai na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ban kare ba sai 2023. Na shiga da goyon Walid, na fito yana firamare.

Kuma kuɗin rajista shi ne ƙaramin abu, wannan ne mutane ba sa ganewa. Aikina a kan ƙarafa masu guba ne a kayan lambun da ake ban-ruwa da ruwan da ke fitowa daga masana'antu. Samfur 36, kowanne a duba ƙarfe biyar, awo 180 ke nan a na'urar AAS. Tamu ta lalace, sai wani wuri na kai, kowane awo naira 1,500 a lokacin. Ku buga, dubu 270. Ban sa asid ɗin da na saya na narkar da samfurin ba, ban sa kuɗin mota zuwa gonaki ba, ban sa buga takarda a mujalla ba. Da sakamakon ya dawo, na ƙarfe ɗaya bai yi ma'ana ba, aka ce in sake. Sarƙata na sayar. Ni ina da miji mai albashi. Yaron da ƙanne biyar ke kallo, wa zai sayar wa me?

Ban ce na yi nadama ba. Amma har yau a sakandare nake koyarwa.

Baban Ummi:
Amma ai ba kullum ake yajin aiki ba. Kuma a aikin gwamnati mai mastas ya fi mai digiri ɗaya mataki.

Anti Rabi:
Mai digirin farko mataki na 8 yake farawa. A wurare da dama mai mastas kan fara a na 9, in karatun ya dace da aikin. Amma wanda ya shiga a na 8, bayan shekara uku ya isa ƙarin girma zuwa na 9. To in mastas ta ci maka shekara uku, kun haɗu a mataki ɗaya, shi ya karɓi albashin wata 36, kai ka kashe naka. Inda mastas ba ta da makwafi shi ne koyarwa a jami'a da cibiyoyin bincike. Can kam babu hanya sai ta nan, har ma da digiri na uku.

Na Gwarzo:
Kun dawo kan maganata ke nan.

Ɗan Sharaɗa:
Ba mu dawo ba, Na Gwarzo. Tsoron da yaron ya faɗa gaskiya ne, kar a raina shi. Ni ma da na fara cewa na yi shekara biyu zan yi in koma. Shekara ta biyu aka yi min aure, ta uku haihuwa, ta huɗu kuɗin makarantar ƙanne ya dawo kaina gaba ɗaya. Na sayi fom sau biyu. Karo na biyu har na samu gurbi, sai na ga lacca Talata da Laraba da safe, ni kuma mako guda ina dare mako guda ina rana. Na nemi a daidaita min, aka ce in zaɓa. Albashi in ya shiga gida ba ya fita, kowa ya riga ya yi lissafi da shi. Wanda ya ce muku "ka yi aiki kana karatu" da sauƙi, tambaye shi ko ya taɓa fitowa daga aikin dare ya zauna a aji ƙarfe takwas.

Ɗanlami:
Ai yanzu akwai na ƙarshen mako, akwai NOUN, akwai karatu daga nesa na ABU. Ni MBA ɗina Asabar da Lahadi na yi, ban bar aiki ko kwana ɗaya ba.

Malam Sabo:
Naka daban ne, Ɗanlami. Akwai mastas ta ƙwarewar aiki, irin taka, akwai ta bincike. Ta ƙwarewar aiki tana taimakon mai son ya zama manaja, amma galibi ba a karɓarta don shiga digiri na uku, ba kuma ita ake nema wajen ɗaukar malami ba. Shi koyarwa yake so, kuma sinadarai sai da lab. Ba a narkar da samfur ta waya.

Hajiya Ladidi:
Ina ta karantawa daga nesa. Ni ta hanyar tallafin Chevening na yi tawa a Birtaniya, shekara ɗaya cif, ba yajin aiki. Abin da nake so yaron ya sani, su sharaɗinsu sai kana da ƙwarewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800 suke ƙirgawa. Na Jamus ma, na DAAD da ake ba mutanen ƙasashe masu tasowa, shekara biyun suke nema. Wato ga irin waɗannan, aikin ba kishiyar karatu ba ne, shi ne matakalar. Kuma a wajen tantancewa, wanda zai ce "na ga yadda gubar funfuna ke sa a mayar da lodin gyaɗa, ga abin da nake so in bincika" ya fi wanda zai ce yana son ilimi tun yana yaro. Sai dai galibi suna neman sakamakon da ya kai 2:1, don haka maganar maki ɗayan nan ba wasa ba ce. Kuma kar a sa masa rai da yawa, masu nema dubbai ne, ni sai a karo na uku na samu.

Maman Walid:
Hajiya kin taɓo abu. Da a ce ina aiki a lab lokacin da na yi tawa, da rabin wahalar ta ragu. Gyaɗa, mai, tunkuza, duk samfur ne a gabansa kyauta. In kamfanin ya yarda ya yi amfani da kayan awonsu bayan an tashi, ya huta da abin da ya ci sarƙata.

Ɗan Sharaɗa:
In sun yarda. Wasu ba sa son a fitar da sakamakon kayansu waje, musamman in ya shafi guba. Sai dai a ɓoye sunan kamfani, shi ma da takardar izini.

Alhaji Baffa:
Na ɗauko tabarau. Ni abu ɗaya ya tsaya min a wasiƙar nan, inda uban ya ce duk abin da Malam ya ce shi za a yi. Malam Sabo, wannan kawaici ne irin na manya. Mutumin da fansho ke yi wa wasa, da 'ya'ya shida, ba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa "ina bukatarka" ba, sai ya jingina da kai. Kar ka ɗauki maganar a yadda ta zo. In da hali ka je ka gaishe shi, ko ka sa yaron ya zauna da mahaifiyarsa, ita ta san abin da ke cikin tukunya.

Anti Rabi:
Baffa ya yi gaskiya. Sai in ƙara da dabarar bautar ƙasar. Yanzu alawus ɗin dubu 77 ne. In kamfanin da gaske suke, su karɓe shi na wucin gadi daga gama jarrabawa zuwa kiran sansani, sannan su rubuta takardar neman a turo musu shi ya yi hidimarsa a wurinsu. Ya haɗa alawus da abin da za su ba shi.

Na Gwarzo:
Ai ba a barin mutum a jiharsa. In aka jefa shi Ebonyi fa?

Anti Rabi:
Nan ne matsalar. Sauya jiha sai da dalili, aure ga mata, rashin lafiya, ko tsaro, kuma ba tabbas. Ba zan ce ya bi ta bayan gida ba. In an tura shi nesa, sai ya tambayi manajan tun yanzu ko za su jira shi shekara guda. Amsar da zai ba shi ma za ta nuna ko tayin na gaske ne.

Ɗan Sharaɗa:
Ba za su jira ba. Kujerar lab ba ta kwana biyu babu kowa. Amma in ya yi musu wata biyar ɗin nan da kyau, ko ba su mayar da shi ba, manajojin lab na Sharaɗa da Challawa da Bompai duk sun san juna. Da waya ɗaya ake samun wani wurin.

Baban Ummi:
Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Haka muke rasa masu kai. Kowa ya ce "je ka ka dawo", babu mai dawowa. Ga Ɗan Sharaɗa nan ya faɗa da bakinsa. Nan da shekara goma wa zai koyar da 'ya'yanmu?

Malam Sabo:
Wannan tambayar ita ta hana ni barci, Baban Ummi, kuma ba ni da amsarta. Amma ba zan biya bashin jami'a da cikin ƙannen yaron nan ba. Ga abin da na rubuta, ku duba kafin in tura:

"Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka, Allah ya yi maka albarka. Abin da na faɗa a aji uku ban janye ba. Amma ka sani ba ni da gurbin koyarwa da zan ba ka, ba ni da kuɗin bincike. Na farko, ka dawo lab gobe. Maki 73 kake nema, in ka ci B a komai za ka tsaya a 3.49, zan nuna maka lissafin. Na biyu, ka koma wurin manajan ka nemi tayin a rubuce, ka tambaye shi ma'aikacin wa za ka zama, awa nawa, da abin da za su yi in an kira ka bautar ƙasa. In takardar ta fito da kyau, shawarata ka karɓa, amma kar ka tsallake bautar ƙasa ko me za su ce maka. Na uku, daga albashin farko ka ware wani abu da ba wanda ya san da shi sai kai, ka sa masa suna kuɗin lab. Ka riƙa rubuta duk matsalar da ka gani a wurin aiki wadda ba wanda ya san dalilinta, ka kawo min littafin duk bayan wata uku. Ka gaida Baba, ka ce masa ina nan tafe."

Maman Walid:
Malam, cire "ba wanda ya san da shi". Babban ɗa ne, ranar da aka kwantar da wani a asibiti zai fasa asusun, kuma in aka gane yana ɓoye kuɗi sai ta zama abin magana a gida. Gara ya gaya wa mahaifiyarsa tun farko, ita za ta tsare masa.

Ɗan Sharaɗa:
Ni kuma na ce a bar shi yadda yake. Tawa mahaifiyar na gaya wa.

Hajiya Ladidi:
Ka sa masa wa'adi, Malam. "Wata rana" ba ta zuwa. Ka ce shekara biyu bayan bautar ƙasa, fom na farko da aka fitar.

Baban Ummi:
Lokacin yana da 30, da mata, wataƙila da ɗa. Allah ya sa ina raye in tuna muku.

Malam Sabo:
Na sa wa'adin. Maganar asusu na bar masa ya zaɓa, na rubuta masa abin da ku biyun kuka ce. Na tura yanzu.

Ɗan Sharaɗa, in takardar ta zo zan turo maka hotonta ta gefe ka duba min, don ni ban san yaren 'yan kamfani ba.

Ɗan Sharaɗa:
Ba damuwa Malam. Wannan makon ina dare, ka turo bayan la'asar, lokacin na tashi. Ka ce masa ya ɗauki hoton har bayan takardar, a can suke rubuta sunan ɗan kwangila.